Abin da Hoton Kwali Ke Faɗa game da Rilaksa da Ƙarin Gashi

Kwalin rilaksa yana da fuska shida, amma mai saye fuska ɗaya take gani: ta gaba, inda aka buga hoton wata mace da gashi baƙi sidik, yana sheƙi, ya zubo har kafaɗa. Ledar gashin doki ma haka take. Yanzu da ciniki ya koma waya, abin ya ƙara tsananta, domin mai sayarwa hoton gaba kawai take turowa, a kansa ake yin ciniki, a kansa ake biya. Hoton nan talla ne, kuma kusan babu abin da yake faɗa game da ko kayan zai dace da wani kai. Bayanin da ke da amfani yana gefen kwali da bayansa, cikin ƙananan rubutu. Ko shi ma iyakar aikinsa ya nuna kayan da bai kamata a saya ba. Tabbatar da dacewa kuwa sai an gwada a kan gashin kansa.

A fara da matar da ke jikin kwali. Kafin a ɗauki hotonta, ƙwararru sun wanke gashin, sun busar, sun bi shi da ƙarfe mai zafi, sun shafa man sheƙi, an kuma jera fitilu ta yadda haske zai kwanta a kan kowane sili. Bayan an ɗauka, a gyara hoton a kwamfuta. Babu tabbacin cewa man da ke cikin kwalin ya taɓa kanta. A shekarar 2022 wannan magana ta fito fili a Amurka, lokacin da wasu mata da aka buga hotunansu suna yara a kwalayen rilaksar yara suka bayyana a shafukan sada zumunta cewa ba a sa musu man ba ranar ɗaukar hoton, da zafi kawai aka miƙar da gashin, wasunsu ma ba su taɓa sa rilaksa ba. Saboda haka santsin da ke cikin hoton ba shaida ba ne a kan aikin man. Ko da an sa mata shi, hoton ba ya nuna yadda gashinta yake kafin a sa, ba ya kuma nuna yadda ya koma bayan wata uku.

Nau'in gashi ya fi abin da ido ke gani

Ana yawan ganin lambobi irin su 3C, 4A da 4C a jikin kayan gashi. Asalinsu tsarin da Andre Walker, mai gyaran gashin Oprah Winfrey a wancan lokaci, ya fitar a littafinsa na 1997. Ya kasa gashi gida huɗu: na 1 miƙaƙƙe, na 2 mai ɗan lanƙwasa, na 3 mai naɗi, na 4 mai murɗewa sosai. Daga baya masu amfani da tsarin suka ƙara wasu rassa, har da 4C, wato gashin da murɗinsa ya yi ƙanana har ba a cika ganin siffarsa ba, wanda idan ya jiƙe ya bushe yakan takure ya koma ƙasa da rabin tsawonsa. Mafi yawan gashin mutanen Afirka ta Yamma a gida na huɗu yake, ko da yake a cikin dangi ɗaya akan sami mai gashi irin na 3 mai laushi da mai 4C.

Raunin tsarin shi ne siffar murɗi kaɗai yake aunawa, alhali rilaksa da wasu abubuwan take aiki. Na farko kaurin sili ɗaya. Idan aka zare sili guda aka murza shi tsakanin yatsu, mai kauri ana jin sa kamar zare, siriri kuwa da ƙyar ake jin akwai wani abu. Na biyu cikar kai, wato yawan silin da ke kan fatar. Na uku yadda gashin ke shan ruwa: wanda fatar jikinsa ta buɗe, saboda rini ko zafi ko tsohuwar rilaksa, nan da nan yake jiƙewa, haka kuma yake zuƙe sinadari. Na huɗu tarihin kan, abin da aka taɓa sa masa da kuma yaushe.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne haɗa cika da kauri. Mace mai cikar gashi, wadda mataji ke wahalar ratsa kanta, takan ce gashinta tauri gare shi, sai ta nemi man da ya fi kowanne ƙarfi. Sau da yawa silinta siriri ne, yawansa da murɗinsa ne suka sa yake kamar mai tauri. Gashi mai murɗi kuma daman yana da rauni a kowace lanƙwasa, domin silin ba mulmulalle ba ne, yana da ɗan faɗi, kuma kaurinsa yana canzawa inda ya juya. A nan yake tsinkewa. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan abubuwa da hoton wata mace zai iya faɗa game da kan wata.

Abin da ke cikin robar

Gashi furotin ne da ake kira keratin, kuma abin da ke riƙe siffarsa wasu ƙulle-ƙulle ne na sulfa a cikin silin. Rilaksa tana kumbura silin, ta shiga ciki ta karya wani kaso na ƙullin, sai gashin ya saki ya miƙe. Ƙullin da ya karye ba ya komawa yadda yake. Gashin da aka miƙar ya miƙe ke nan, ya kuma rasa wani ɓangare na ƙarfinsa har ranar da za a aske shi. Ma'aunin pH yana nuna girman abin: gashi da fatar kai suna tsakanin 4.5 da 5.5, rilaksa mai ƙarfi kuwa tana kaiwa 12 zuwa 14, kuma kowane mataki ɗaya a wannan ma'auni ninki goma ne.

Jerin sinadarai da ke bayan kwali shi ke nuna wace iri ce, kuma da Turanci ake rubuta shi, don haka sai an san sunayen kamar yadda suke a rubuce. Idan aka ga Sodium Hydroxide, to soda ce, dangin wadda ake yin sabulu da ita. Tana aiki da sauri, ba a gauraya ta da komai, tana barin gashi da laushi, amma tana saurin ƙona fata, shi ya sa aka fi barin ta ga masu salun. Dokar Tarayyar Turai ta ƙayyade ta a kashi 2 cikin 100 ga kayan da kowa zai saya, da kashi 4.5 ga na ƙwararru. Idan kuwa aka ga Calcium Hydroxide tare da Guanidine Carbonate, to irin wadda ake zuba ruwan ƙaramar kwalba cikin roba a juya ce, kuma ita ce mafi yawan abin da ke cikin kwalayen da ake sayarwa don amfanin gida. A gaban kwalinta akan rubuta No-Lye da manyan baƙaƙe.

Wannan rubutu yana ruɗar mutane da yawa. Ma'anarsa kawai babu soda. Ƙarfin sinadarin bai yi nisa da na soda ba, kuma yana ƙona fata idan ya daɗe. Bambancin shi ne ba ya saurin yin raɗaɗi, wanda hakan kan sa a bar shi ya wuce lokaci ba a sani ba. Yana kuma barin ƙurar kalsiyam a jikin sili, wadda ke sa gashi ya bushe ya dushe. Ga mai gashin da daman bushewa ce matsalarsa, balle da hunturu, wannan abin lura ne. Akwai iri na uku, mai Ammonium Thioglycolate, wanda ƙarfinsa yake wajen 9 zuwa 9.5. Bai cika miƙar da gashi mai murɗi sosai ba, kuma haɗarinsa a fili yake: idan aka sa shi a kan gashin da ya taɓa shan ɗaya daga cikin biyun farko, gashin yakan narke ya karye. Wanda bai ga hoton bayan kwali ba ba shi da hanyar sanin wace ce a cikin ukun.

Hotunan ganye, zaitun, kwakwa ko man kaɗanya da ake zanawa a gaban kwali ba sa canza komai daga wannan. Ana jera sinadarai ne daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci, kuma man da aka yi wa babban hoto yakan fito can ƙasan jerin. Mai ba ya miƙar da gashi dindindin. Duk abin da ya yi wannan aikin sinadari ne mai ƙarfi. Labarin man Rio ya isa misali. A 1994 aka riƙa tallarsa a talabijin a Amurka a matsayin man miƙar da gashi na ɗabi'a wanda babu sinadari a ciki. Ashe asid ne mai ƙarfi. Hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar, FDA, ta karɓi ƙorafi sama da 3,000 na zubewar gashi da ƙunar kai, wasu ma gashinsu ya koma kore, har aka hana sayar da shi. Shi kansa jerin sinadaran ba ya faɗin komai duka: binciken da cibiyar Silent Spring ta wallafa a 2018 a kan kayan gashi 18 da baƙaƙen mata ke amfani da su ya gano cewa kashi 84 cikin 100 na sinadaran da aka samu a ciki ba a rubuta su a jikin kayan ba.

Kwalin yara ya cancanci a tsaya a kansa. Launinsa mai haske ne, yarinyar da ke jiki tana murmushi, uwa kuma sai ta ɗauka wani abu ne daban mai sauƙi. Idan aka juya bayansa, sunayen nan biyu na kalsiyam da guwanidin ne za a gani, waɗanda ke cikin na manya. Fatar kan yarinya ta fi ta babba laushi, silinta ya fi siranta, kuma ba lallai ta iya faɗin cewa tana jin zafi a kan lokaci ba. Babu hoton da ya isa ya zama hujjar sa wa ƙaramar yarinya wannan sinadari.

Sai kalma guda da ake bugawa a kusurwar kwali: Mild, Regular ko Super. Wannan ita ce mafi amfani a duk fuskar gaba. Ta farko don siririn gashi ce da wanda aka rina ko ya raunana, ta biyu don matsakaici, ta uku don sili mai kauri wanda ba ya saurin shan ruwa. Da kaurin sili ake zaɓa, ba da yawan murɗi ba. Kuma babu ma'auni ɗaya tsakanin kamfanoni, matsakaicin wannan yana iya kaiwa ƙarfin babban wancan.

A ɗauki misalin mace mai gashi 4C, kai cike, sili siriri, wadda ta sa rilaksa mako goma da suka wuce, kuma tana rina gashinta baƙi. An turo mata hoton kwali mai rubutun Super da No-Lye, da hoton mace mai dogon gashi. Tun daga wannan hoton ɗaya ana iya cewa bai dace ba, ba don siffar matar ba, sai don kalmar da ke kusurwa: siririn sili da aka rina ba ya ɗaukar mafi ƙarfi. Abin da ya kamata ta nema shi ne hoton baya da na gefe na kwali mai Mild. A nan za ta duba ko sinadarin dangin wanda ta sa a baya ne, ta duba jadawalin lokaci, wanda yawanci yake tsakanin minti 10 zuwa 20 gwargwadon kaurin sili, ta karanta gargaɗin da aka yi game da rinannen gashi. Za ta duba ko akwai sabulun wanki na musamman da ke kashe ƙarfin sinadarin, wanda a kwalaye da yawa kumfarsa ke yin ruwan hoda muddin akwai saura, sai ta koma fara idan kai ya fita. Za ta duba ranar lalacewa, lambar rukunin da aka sarrafa, sunan kamfani da adireshinsa, da lambar rajistar NAFDAC idan a Najeriya take. Mai sayarwar da ta ƙi turo waɗannan hotuna ta ba da dalilin fasa cinikin.

Ko an cika duk wannan, saura gwaji. Gashi yana tsirowa kimanin santimita ɗaya zuwa ɗaya da kwata a wata, don haka a mako goma sabon tohonta bai wuce santimita biyu da rabi zuwa uku ba, kuma shi kaɗai ne man zai taɓa. Idan ya hau kan tsohon da aka riga aka miƙar, an karya ƙulli sau biyu a wuri ɗaya, nan ne gashi ke tsinkewa bayan 'yan makonni. Shi ya sa ake son a bar aƙalla mako takwas tsakanin sawa da sawa. Ana ware ɗan tsagi a ƙeya, a shafa man a sabon tohon, a duba agogo, a wanke a mafi ƙarancin lokacin da aka rubuta. Sai a ja silin yana jiƙe. Idan ya ɗan miƙe ya dawo, da sauran ƙarfi. Idan ya yi ta jawuwa kamar cingam bai dawo ba, ko ya tsinke, man ya fi ƙarfinsa. Raɗaɗi kuma ba alamar man yana aiki ba ne, alamar fata tana ƙonewa ce, kuma ƙunar da ta yi zurfi tana iya barin tabon da gashi ba zai sake fitowa a kansa ba. Kan da ke da ƙuraje, ko wanda aka sosa, ko wanda aka tsefe kitsonsa a ranar, ba a sa masa rilaksa ko wace iri ce. Gashin da aka fasa launinsa da bilic kuwa babu kwalin da ya dace da shi.

Akwai wani abin da babu kwalin da ke ɗauke da shi a gaba. A watan Oktoba na 2022, masu bincike na cibiyoyin lafiya na gwamnatin Amurka suka wallafa sakamakon bibiyar mata sama da 33,000. Sun ƙiyasta cewa cikin waɗanda ba su amfani da man miƙar da gashi, kashi 1.64 cikin 100 za su kamu da sankarar mahaifa kafin shekara 70, a cikin masu amfani da shi fiye da sau huɗu a shekara kuwa kashi 4.05. Binciken alaƙa ya nuna, bai ware wani kamfani ko wani sinadari ba, amma dalili ne mai ƙarfi na rage yawan sawa da kuma kiyaye fatar kai daga ƙuna.

Ƙarin gashi

A wajen Musulmi hukuncin ƙarin gashi sananne ne, akwai hadisai ingantattu da suka hana shi, malamai kuma sun yi bayani a kan bambancinsa da kitso da zare ko ulu. Wannan fage ne na malamai. Amma kayan suna cike da kasuwanni, mata da yawa suna saye, kuma lahanin wanda bai dace ba a kan fatar kai yake sauka.

A nan hoto ya ɗan fi amfani, domin ledar a bayyane take, ana ganin kayan da kansa. Sai dai launi ba abin dogaro ba ne a fuskar waya, inda hasken ɗaki da na'urar ɗaukar hoto ke canza shi. Lamba ake bi. Lamba 1 baƙi ne wuluk irin na rini, 1B baƙi ne mai ɗan sassauci, kuma shi ya fi kusa da launin gashin yawancin baƙar fata. Lamba 2 da 4 ruwan ƙasa ne mai duhu, 27 ruwan zuma, 30 da 33 masu jaja-jaja, 613 kuma fari-fari. Wadda ta sayi lamba 1 alhali nata gashin bai sha rini ba za ta ga bambancin da zarar ta fita rana.

Tsawo ma yana ruɗi. Da inci ake rubuta shi, kuma a miƙe ake auna gashin ko da mai naɗi ne, saboda haka mai naɗi da aka rubuta inci 20 zai tsaya sama da inda miƙaƙƙe mai inci 20 yake kaiwa. Gashin kitso kuwa a ninke yake zuwa: wanda aka rubuta inci 82 yana komawa 41 idan aka ninka shi a kan tsagi, shi ya sa makitsa ke yanka shi gida biyu ko uku. Nauyin da aka rubuta da giram ya fi hoton faɗin gaskiya. Ƙullin gashin mutum da ake ɗinkawa yawanci giram 100 ne ko wane tsawo. Ma'ana, ƙulli mai inci 24 yana da kusan rabin yawan silin da ke cikin mai inci 12. Matar da ke jikin ledar, da kanta cike taf, ƙulli uku ko huɗu aka sa mata.

Game da abin da aka yi shi da shi, akwai na roba, akwai na mutum, akwai gauraye. Sunan Kanekalon da ake gani a ledoji na wani zare ne da kamfanin Kaneka na Japan ke yi. Ba ya saurin kama wuta, kuma yana karɓar siffa idan aka tsoma shi a ruwan zafi, abin da makitsa ke yi don rufe bakin kalaba. Zaren roba mai araha ya fi shi ƙyalli da kaushi. Na roba ko wane iri ne ba a kai masa ƙarfe mai zafi sai an rubuta a jikinsa cewa yana ɗauka, da iyakar zafin. Kalmar Remy tana nufin gashin mutum da aka tara shi kai ɗaya, saiwa a gefe guda, baki a gefe guda, don kada ya cukurkuɗe. Amma babu hukumar da ke tantance wannan da'awa, haka ma lambobi irin su 8A da 12A, kowane mai sayarwa shi ke ba kayansa daraja. Sunayen Brazil da Peru sunayen kasuwa ne. Mafi yawan gashin mutum daga Asiya yake fitowa, musamman Indiya, inda ake aske kai a wuraren bauta irin su Tirumala, da kuma Sin, inda birnin Xuchang ya shahara da sarrafa shi. Gashi mara kyau akan wanke shi da asid a shafe shi da silikon, ya fito a hoto yana sheƙi fiye da mai kyau, sai bayan wanki biyu ko uku ya fara haɗewa. Idan kayan ya zo hannu, ƙona sili kaɗan yana raba gardama: na mutum warin ƙonannen gashi yake yi ya zama toka mai murmushewa, na roba kuwa narkewa yake ya dunƙule.

Dacewa da nau'in gashi ta fuska biyu ce. Ta farko kamanni, kuma tana da muhimmanci ne idan za a bar wani ɓangare na gashin kai a waje. Wanda aka rubuta Yaki an yi shi ne ya yi kama da gashin da ya sha rilaksa, Kinky Straight kuma ya yi kama da gashin da ba a sa wa komai ba aka busar da shi da iska mai zafi. Idan mai 4C ta sayi mai santsi sumul, dole ta riƙa bin nata da ƙarfe kullum don su saje, kuma wannan ɗan ɓangaren ne zai fara karyewa. A nan hoton kusa, wanda aka ɗauka a hasken rana an fitar da gashin daga leda, yana taimakawa sosai.

Ta biyu nauyi, kuma ita ce ke jawo lahani mai ɗorewa. Kowace kalaba a kan ɗan tsagin gashi take rataye. Idan aka yi amfani da leda uku masu giram 150, an ɗora wa kai giram 450, ya kuma ƙaru idan ya jiƙe. Idan an raba shi kalaba 60, kowace tana ɗauke da giram bakwai da rabi, ko tsagin na tsakiyar kai ne mai cika, ko na gefen goshi mai 'yan silla sirara. Na goshin ne ke fara sarewa. Ja na yau da kullum yana kumbura saiwar gashi, da farko ana iya warkewa, idan ya daɗe saiwar ta mutu. Likitar fata Nonhlanhla Khumalo da abokan aikinta sun yi bincike a unguwar Langa ta birnin Cape Town, suka wallafa a 2007, inda suka sami wannan irin zubewar gashi a kashi 31.7 cikin 100 na manyan mata da kashi 17.1 na 'yan mata 'yan makaranta. Ayyukansu sun nuna haɗarin ya fi yawa idan aka yi ja a kan gashin da ya sha rilaksa. Don haka doguwar kalabar da ke jikin leda tana iya zama daidai ga mai kaurin sili da ba ta sa komai ba, ta zama sanadin cinyewar goshi ga mai siririn gashi da aka miƙar kwanan nan. Irin wannan mace tana buƙatar gajere, mara nauyi, a bar goshi ba a kama shi ba, a kuma jinkirta aƙalla mako biyu bayan rilaksa.

Alamomin rashin dacewa suna bayyana da wuri: ciwon kai da hana barci a daren farko, ƙananan ƙuraje a bakin tsagi, fatar da ta ɗago tana sheƙi, da farin ɗigo a ƙarshen silin da ya tuge. Wanda ya ga haka sassautawa ko tsefewa ya kamata, ba shan maganin ciwo a jure ba. Ƙaiƙayin da ya game kai da wuya kwana ɗaya ko biyu bayan kitso yakan fito ne daga abin da aka shafe zaren da shi a masana'anta, shi ya sa wasu ke jiƙa shi a ruwa mai ɗan binega su ɗauraye kafin amfani. Wannan yana iya rage ƙaiƙayi, amma ba ya fitar da abin da ke cikin zaren kansa. A watan Fabrairu na 2025 ƙungiyar Consumer Reports ta Amurka ta gwada gashin kitso na roba iri goma, ta sami sinadaran da ake dangantawa da sankara a dukkansu, da dalma a tara daga ciki. Ledojin gashin roba ba su cika ɗauke da jerin sinadarai ba, saboda haka a wannan fanni ko hoton baya ba ya ba da amsa, sai dai rage tsawon lokacin da kitson ke zama a kai, wanda likitocin fata ke son kada ya wuce mako shida zuwa takwas, da ba kai hutu kafin a sake.